Cigiyar da Ta Maƙale a Layi na Tara

Kawuna Mijinyawa bai taɓa fara magana daga inda take ba. Ko gobara ce ta tashi a gidanka ya zo faɗa maka, sai ya yi sallama, ya tambayi kwanan iyali, ya tambayi gajiya, ya yi wa mahaifanka addu'a, sannan ya ce wai kamar ya ga hayaƙi ta bayan ɗakinka. Ba sharri nake masa ba, duk unguwarmu ta Liman Abaji a Keffi an san shi da haka, kuma da haka ake girmama shi.

Wan mahaifiyata ne. Da ta rasu ina da shekara shida, shi da matarsa Fadimatu suka ɗauke ni, don Allah bai ba su haihuwa ba. Ita nake kira Inna, shi kuwa Kawu, har yau da nake da nawa 'ya'yan. Sana'arsa tun yana saurayi rubuta wa mutane wasiƙa. Yana da ɗan tebur da benci a inuwa kusa da gidan waya na Keffi, manoma daga Jigwada da ƙauyukan kewaye su zo su zauna su faɗa masa abin da ke ransu, shi kuma ya zuba shi a takarda da Hausa ko da Turanci. Mutum zai ce a faɗa wa ɗansa da ke Kaduna ya dawo gida uwarsa ba lafiya, Kawu ya cika rabin shafi da gaisuwa kafin ya iso wurin uwar. Kuma haka masu wasiƙar suke so. Idan ya karanta musu, sai ka ga tsoho yana gyaɗa kai kamar shi ya tsara.

Da wasiƙa ta mutu sai ya sayi tafireta ya koma buga takardun koke da na neman aiki. Da ita ma ta mutu sai ya zauna a gida yana ƙorafin zamani, har matasan unguwa suka buɗe wa unguwarmu shafi a Fesbuk suka rasa mai rubuta sanarwa da Hausa mai kyau. Suka roƙe shi. Ni na koya masa taɓa waya, kuma Allah ya sani na sha wahala, don da yatsa ɗaya yake bugawa, yana yi yana faɗa da wayar. Amma cikin shekara uku shafin ya tara mutum sama da dubu goma sha ɗaya, daga Keffi har Garaku da Mararaba. Ɗaurin aure, suna, ta'aziyya, gyaran transfoma, duk shi ke rubutawa. Yana da shekara saba'in da shida, ana ce masa admin, yana jin daɗi yana ɓoyewa.

Ni kuwa Sharifa, takalma da jakunkuna nake sayarwa ta waya, kuma cinikin ne ya koya mini abin da Kawu ya ƙi koyo. Idan ka ɗora hoto da dogon rubutu, ba duka ake nuna wa mutane ba. Layi biyu ko uku kawai suke fitowa, sai ɗigo uku da wata 'yar kalma da sai mutum ya taɓa ta sannan sauran ya buɗe. A Instagram abin ya ma fi ƙanƙanta. Mutane kuma gudu suke da babban yatsa, ba wanda zai tsaya ya buɗe sai in abin da ya gani a sama ya riƙe shi. Na taɓa yin wata guda ina fara talla da gaisuwar Juma'a, ban sayar da ko silifa ba. Ranar da na fara da cewa takalmin amare ya iso, saura ƙafa shida, kafin la'asar ya ƙare. Na faɗa wa Kawu wannan ya fi sau goma. Kullum amsarsa ɗaya, wai shi ba takalmi yake sayarwa ba, kuma mutumin da ba zai iya jiran sallama ba bai cancanci labari ba.

Inna ta fara mantuwa shekara biyu da suka wuce. Da farko gishiri take sa wa miya sau biyu, daga baya ta fara tambayata ko na dawo daga makaranta, ni da ke da 'ya'ya uku. Ga ciwon suga da ta daɗe da shi, ana yi mata allura safe da yamma, ga wani ɗan miki a yatsan ƙafarta na dama da likita ya ce a kula da shi kamar ƙwai. Kawu ne ke mata komai. Ya koyi allurar, ya koyi wanke mikin, kuma ya ɓoye mantuwar iyakar iyawarsa. In maƙwabta sun tambaya sai ya ce jiki ne na girma. Bai taɓa kiran sunanta ba tun da na yi wayo. Mai ɗakina, ko kuwa Innar Sharifa, shi ke nan.

Ranar wata Talata a watan Maris, lokacin da zafi ke dafa mutum tun da hantsi, ya yi mata allurar safe ya fita sayo mata ganye a bakin titi. Bai yi minti ashirin ba. Da ya dawo ƙofa a buɗe, babu Inna, babu mayafinta ruwan toka, takalminta na asibiti mai laushi yana nan a bakin ɗaki. Silifan banɗaki ta saka ta fita.

Ni ina Kano na je sarin kaya. Wajen azahar ina tsaye a kasuwa na buɗe waya, sai ga hoton Kawu da Inna a shafin unguwa, wanda aka ɗauka ranar da suka dawo daga Umara. Ita cikin leshi ruwan gwal tana dariya, shi da babbar riga yana kallon gefe. A sama an rubuta: “Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri ga iyayenmu, malamanmu, shugabanninmu da dukkan…” sai ɗigo uku. Na yi murmushi na ce tsohon nan yau soyayya ce ta motsa. Na danna alamar zuciya, na mayar da waya jaka, na ci gaba da tayin jaka mai sarƙa. Ni da nake koyar da mutane wannan abu, ni na yi haka. Har gobe in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Bai kira ni ba. A ganinsa ya riga ya sanar da duniya, ni ma ina cikin duniyar. Daga baya ya ce mini da ya ga zuciyata a ƙarƙashin sanarwar, ba kira ba saƙo, sai ya ajiye wayar ya shiga ɗaki ya daɗe bai fito ba.

Sai ranar Laraba da la'asar na sauka a tashar Keffi da ƙullin kayana. Ɗan acaɓan da ya ɗauke ni ɗan unguwarmu ne, muna tafiya ya ce mini ya ƙarin haƙuri, ko an ji labarin Inna. Na ce wane labari. Da ya faɗa mini, na kusa faɗowa daga babur. Nan a kan hanya na ciro waya na nemo hoton na taɓa 'yar kalmar nan. Rubutu ya zubo. Gaisuwa ga iyaye da malamai, salati, addu'a ga ƙasa, godiya ga masu bibiyar shafi, neman afuwa kan damun jama'a da zai yi. Na ƙirga da yatsa, a layi na tara ne ya ce mai ɗakinsa ta fita tun safe ba a ga dawowarta ba. Ciwon sugan yana layi na goma sha huɗu. Lambar waya ita ce can ƙarshe, bayan wata addu'ar. Sunanta kuwa babu shi ko'ina, mantuwar ma ya kira ta da ɗan rashin jin daɗi.

A ƙasa mutum ɗari uku da wani abu sun danna alamar so. Sharhi ya fi ɗari. Masha Allah. Allah ya bar ƙauna. Allah ya maimaita mana. Wani har da cewa Baba ya iya zaɓe. A tsakaninsu akwai mutum goma sha biyu zuwa sha biyar da suka buɗe suka karanta, suna cewa Allah ya bayyana ta, amma maganarsu ta nutse cikin barka da arziki. Maƙwabta sun yaɗa shi, to amma duk inda aka yaɗa da gaisuwar yake fita. Mafi muni, wasu sun ɗauki hoton fuskar wayarsu yadda take sun tura a zaurukan WhatsApp. Wannan kuwa ko ka taɓa ɗigon sau ɗari ba abin da zai buɗe, hoto ne kawai na tsofaffi biyu cikin kwalliya da sallama a kansu.

Na tarar da gidan cike da mata, Kawu yana zaune a zaure, ƙafafunsa sun yi futu-futu da ƙura. Ba zama ya yi ba, wannan in ban faɗa ba na zalunce shi. Shi da mazan unguwa sun zaga masallatai an yi cigiya, sun je ofishin 'yan sanda, sun duba babban asibiti har ɗakin ajiye gawa, sun bi rafi, sun leƙa tsofaffin rijiyoyi. Duk a cikin Keffi suke nema, don ba wanda ya zaci tsohuwa mai silifan banɗaki za ta bar gari. Allurai biyu sun riga sun wuce ta, ta uku lokacinta na ƙaratowa, kwalbar maganin tana cikin randar ƙasa inda yake sanyaya ta in an ɗauke wuta.

Ban gaishe shi ba. Wannan ne karo na farko a rayuwata. Na tsuguna na miƙa masa wayata na ce ya duba abin da mutane ke gani. Ya sa tabarau ya duba, ya ce ai ga shi nan, sai su buɗe. Na ce ba sa buɗewa. Ya ce wannan rashin tarbiyyarsu ne. Na ce ni ma ban buɗe ba, ni da ya yi wa tarbiyya da hannunsa. Na ce a goge wannan a sake wani, a fara da cewa ta ɓata, a sa sunanta, a ce tana da suga kuma ba ta gane hanya, a sa lamba, duk a layi biyun farko, da hotonta na yau da kullum ba na leshi ba.

Ya cire tabarau ya ninke a hankali.

“Sharifa, shekara hamsin da ɗaya ban kira sunanta a gaban mutum biyu ba. Yau kike so in rubuta wa mutum dubu goma sha ɗaya cewa hankalinta ya taɓu? Ba sallama ba komai, kamar tallan takalminki?”

“Kawu, takalmina ana samunsa. Inna ce ba a samu ba.”

Na faɗa, kuma da ƙarfi na faɗa, matan da ke tsakar gida duk sun ji. Wata dattijuwa ta leƙo ta ce in ji tsoron Allah. Kawu ya tashi ya tafi masallaci tun ba a kira magariba ba. Da zan iya da na ɗora a shafin da kaina, amma shi kaɗai ke da ikon ɗorawa, wayarsa kuma tana aljihunsa. Na rubuta a nawa shafin, na sa a WhatsApp, to amma masu bina 'yan mata ne na jami'a da matan Abuja masu neman jaka. Mutum arba'in suka gani kafin isha. Jama'ar da ke hawa mota, masu kasuwa, direbobi, duk suna wurinsa. Na zauna a ɗakin Inna ina kallon takalminta na asibiti, na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Tsoro nake ji ƙwarai.

Da gari ya waye ranar Alhamis, bayan ya dawo daga asuba, na same shi tsaye a gaban randa da kwalbar maganin a hannu. Ya ɗauko ta ne don lokacin allura ya yi, hannunsa ya saba. Ya tsaya yana kallonta, babu wadda zai yi wa. Da ya ji motsina bai juyo ba, ya tambaye ni harafi nawa ake bari a saman sanarwa kafin a yanke. Na ce ba ƙa'ida ɗaya ba ce, ya danganta da waya da girman rubutun da mutum ya saita, amma ya ɗauka layi biyu ne, kuma ko layin da ka bari babu komai a ciki ana ƙirga shi. Ya mayar da kwalbar cikin randa. Sannan ya ce, kamar da kansa yake magana, ashe tangaraho ce.

Ni ban san tangaraho ba sai a bakinsa. Ya ce a da, in abu na gaggawa ne, ba wasiƙa ake rubutawa ba, saƙon waya ake bugawa daga gidan waya, kuma kowace kalma da farashinta, don haka ba gaisuwa ba addu'a. Uwa ba lafiya, zo yau. Ya ce ya rubuta irinsu sun fi dubu, kuma ba wanda ya taɓa cewa ya yi rashin ladabi, don kowa ya san tangaraho ce. Shi duk shekarun nan ya ɗauka shafin nan wasiƙa ce. Na ce to Kawu, wasiƙa ce daga layi na uku zuwa ƙasa, amma saman tangaraho ce. Ya ce sallamar fa. Na ce ya yi bisimilla da bakinsa kafin ya danna, Allah yana ji, sallamar kuma ya sa ta a ƙasa ga mai buɗewa.

Ya zauna a bakin gado ya ɗauko biro da bayan takardar asibiti, don ya ce ba ya iya tunani a kan gilashi. Na ba shi nawa tsarin, ya karanta ya ce ya yi tsawo, kuma wallahi gaskiyarsa. Ni na fara da cewa jama'a a taimaka don Allah, ya soke, ya ce duk wanda ya ga ta ɓata ya san taimako ake nema. Na sa shekarunta, ya soke, ya ce hoto zai faɗa. Ya rubuta, ya soke, ya sake. Da ya zo wurin suna biron ya tsaya a sama. Karon nan na riƙe bakina. Ya rubuta shi da manyan baƙaƙe kamar yadda yake rubuta adireshi a bayan ambulan.

Muka buga a wayarsa, wadda rubutunta manya ne saboda idonsa, muka fara ɗorawa a shafinsa na kansa inda muka saita shi kaɗai zai gani, don mu ga inda za a yanke. Aka yanke a tsakiyar lambar waya. Ya cire kalma uku, muka sake gwadawa a tasa da tawa. Karo na uku komai ya fito kafin ɗigon:

“TA ƁATA: FADIMATU, daga Keffi, tun Talata. Tana da suga, ba ta gane hanya. Kira,” sai lambata.

A ƙasa ya sa mayafi ruwan toka, silifa shuɗi, miki a ƙafar dama, kada a ba ta abu mai zaƙi, sannan sallamarsa da addu'arsa cikakku ba abin da ya rage. Hoton kuwa wanda na ɗauke ta ne watan jiya tana tsince shinkafa, ba kwalliya, fuskarta yadda take yanzu. Na kuma rubuta kalmomin farkon da lambar a jikin hoton kansa, don ko an ɗauke shi an tura wani wuri ya tafi da saƙonsa. Tsohuwar sanarwar muka gyara samanta don masu yaɗa ta su ga gyaran, amma ba mu dogara da ita ba, don gyara ba ya sa a sake nuna wa mutane abu kamar sabo. Ƙarfe bakwai saura ya ce bisimilla ya danna.

Minti goma sha takwas kacal aka yi muka ji labarinta. Ina kallon agogon wayar shi ya sa na sani. Kira biyu na farko masu jaje ne, na kusa zaginsu. Na uku wani ne da Hausarsa irin ta 'yan ƙabilar Eggon, ya ce sunansa Monday, direba ne a layin Keffi zuwa Akwanga. Ya ce shi ya ɗauki Mama ranar Talata da safe a bakin titi, ta ce masa Garaku za ta sarin doya, ta yi ta hira da fasinjoji lafiya lau, ya sauke ta a bakin kasuwa. Sai na tuna an taɓa ba ni labari, kafin a haife ni Inna ta yi shekaru tana sarin doya a Garaku. Mu muna leƙa rijiyoyin Keffi, ita ta tafi kasuwar da ta sani shekara arba'in da suka wuce.

Monday bai tsaya nan ba, da ma ya tsaya. Ya ce da azahar ɗin Talatar yana cin abinci a tasha ya ga hotonsu na leshi, ya gane ta, har ya nuna wa abokinsa ya ce ga Maman da na ɗauka yau, ashe biki suke yi. Ya ce in duba, ya ma yi sharhi. Na duba daga baya, yana nan tsakanin masu Masha Allah: “Barka Mama.” Ƙarfe ɗaya da minti goma na ranar Talata. A lanƙwashe nake da wayar a hannu, kuma na sa ta a sifika, don haka Kawu ya ji komai.

Monday ya ce yana Garaku yanzu, zai ajiye lodi ya shiga kasuwa da hoton. Mu kuma muka ɗauki shatar mota, Kawu ya rungume kwalbar magani cikin tsumma mai ruwa. Tafiyar da ba ta fi rabin awa ba, na ji kamar Kano na sake zuwa. Bai yi magana ba sai sau ɗaya, wajen wata gada, ya ce in faɗa wa direba ya ƙara wuta. Mutumin da ke yi wa 'yan acaɓa wa'azi kan gudu.

Kafin mu isa Monday ya sake kira. Wata mai sayar da abinci a bakin kasuwa, Filomina, ita ta tsince ta. Tun yammacin Talata ta gan ta zaune kusa da rumfarta tana tambayar wata dillaliyar doya da ta rasu tuntuni. Ta tambaye ta gida, Inna ta faɗi sunan mahaifinta kawai, ba gari ba unguwa. Filomina ta kai ta gidanta, ta yi mata wanka, ta kwantar da ita a gadonta, ta sanar da mai unguwa, aka yi cigiya a masallacin kasuwa da cocinsu. Ta ce ranar Laraba tsohuwar ta yi ta neman ruwa, ta ƙi tuwo, ita kuma don tausayi ta yi ta dama mata kunu tana zuba suga da yawa don ta samu ƙarfi, har da lemon kwalba. Da asubar Alhamis ta ga ba ta iya tashi, sai ta sa aka kai ta wani ƙaramin asibiti. Da muka haɗu a ƙofar asibitin Filomina ta riƙe hannuna tana kuka tana cewa ba ta sani ba. Ta nuna mini wayarta, hoton leshin nan yana cikin zauren 'yan kasuwarsu tun Talata, da sallamarsa da ɗigonsa uku. Ta ce ta gani, amma ina ita ina haɗa wannan Hajiyar da tsohuwar da ke ɗakinta. Na ce mata ko 'yar da Inna ta haifa ba za ta yi mata fiye da haka ba.

Inna tana kwance an sa mata ruwa, leɓɓanta sun bushe, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi wajen yatsu, silifa ya ci mikin. Ta kalle ni ba ta san ni ba. Ta kalli Kawu kamar wani baƙo da ya shigo ɗakin da ba nasa ba. Ma'aikaciyar jinya ta ce sugan ya hau sosai, a wuce da ita Keffi yanzu. Kawu ya miƙa mata kwalbar maganin ba tare da ya gaishe ta ba, ya faɗa mata adadin da ake yi da lokacin da aka yi na ƙarshe, cikin jimla biyu.

Ta yi kwana goma sha tara a babban asibiti. Ta rayu, alhamdu lillahi, amma an cire mata yatsu biyu, kuma tun daga nan ba ta sake taka ƙasa ba sai an riƙe ta. Ranar da aka yi aikin muna zaune a benci a baranda, Kawu ya tambaye ni, idonsa a kan takalminsa.

“Da na sa shi a sama ranar Talata, da yaron nan ya kira da azahar?”

Na ce masa Allah kaɗai ya sani. Ya gyaɗa kai. Ni na sani, shi ma ya sani.

Har yanzu shi ne admin. Jiya ma ya ɗora sanarwa, layin farko yana cewa babu ruwan famfo a Liman Abaji har Asabar, a tanadi na sha, gaisuwar kuma tana ƙasa mai tsawo kamar kullum ga wanda ya ga dama. Wasu dattawa sun yi masa ƙorafi wai ya zama ɗan zamani. Tsohuwar sanarwar nan bai goge ta ba, na roƙe shi ya ƙi. Wani lokaci nakan same shi ya buɗe ta yana kallon sharhin Monday.

Inna ba ta san sunansa ba yanzu, wasu ranakun ma tsoronsa take ji. Abu ɗaya ne ke kwantar da ita. In ya zauna a gefen gadonta ya fara, assalamu alaikum, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, sai ta saki jiki ta kama murmushi, wani lokaci har ta ƙarasa masa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Da irin wannan wasiƙar ya nemi aurenta. Yakan yi mata ita tun daga farko har ƙarshe, da iyaye da malamai da kowa, ni kuma in zauna a bakin ƙofa ban katse shi ba. Amma da safe in ya shigo ɗakin, kafin ya buɗe baki, sai ya ɗaga hannun rigarta ya yi mata allurar tukuna.